Me Ya Faru, Me Na Koya, Sai Kuma Me: Rubutun Da Ke Auna Ɗalibi a Wurin Koyon Aiki

A kowace shekara ɗaliban jami'o'i da na kwalejojin fasaha da na ilimi a Nijeriya suna barin aji su tafi masana'antu, gonaki, asibitoci, gidajen rediyo da wuraren gine-gine domin sanin makamar aiki. Shirin da aka fi sani shi ne SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wato ITF mai hedikwata a Jos, ya ƙirƙiro a 1973, bayan masu ɗaukar ma'aikata sun yi ta kukan cewa waɗanda makarantu ke yayewa sun san karatu amma hannunsu bai faɗa da aiki ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin fasaha mai neman difloma wata huɗu. Kowa yana tafiya da littafin da ake kira logbuk, inda zai riƙa rubuta abin da ya yi kullum, mai kula da shi a wurin aiki ya sa hannu duk mako, malamin makaranta ya zo ya duba, a ƙarshe ya haɗa rahoto ya kare shi a gaban malamai.

Duk wanda ya taɓa buɗe irin waɗannan littattafai ya san abin da ke cikin yawancinsu. Litinin: na share ɗakin kaji, na zuba abinci. Talata: na share ɗakin kaji, na zuba ruwa. Laraba: na taimaka wajen rigakafi. Haka za a tafi har shafi na ƙarshe. Wannan ba ƙarya ba ne, kuma yana da amfaninsa, domin yana tabbatar da cewa ɗalibi ya je wurin aiki, an gan shi, ya taɓa kayan aiki. Sai dai bai amsa tambayar da aka tura shi saboda ita ba. Malamin da zai ba da maki yana so ya san ko wanda ya dawo ya fi wanda ya tafi fahimtar aiki, kuma jerin ayyuka ba ya nuna haka. Mutum biyu za su iya share ɗaki ɗaya wata shida, ɗaya ya dawo ya san dalilin kowane abu, ɗaya ya dawo da gajiya kawai, amma logbuk ɗinsu iri ɗaya ne.

Wannan giɓin ne rubutun waiwaye yake cikewa. Ɗalibi zai ɗauki abu guda da ya auku a wurin aiki, ya faɗi yadda ya auku, ya tona abin da ya gane daga gare shi, sannan ya faɗi abin da zai yi dabam nan gaba. Tambayoyi uku ke nan: me ya faru, me na koya, sai kuma me.

Inda tsarin ya samo asali

Wani malamin makaranta ɗan Amurka, Terry Borton, shi ya fara tsara waɗannan tambayoyi uku a littafin da ya wallafa a 1970, yana neman hanyar da yara za su riƙa yin tunani a kan abin da ya same su. A 1994 John Driscoll ya ɗauke su ya daidaita su da aikin jinya a Birtaniya, domin ma'aikatan jinya su riƙa bitar aikinsu tare da masu kula da su. Daga can suka bazu zuwa horar da malamai, injiniyoyi da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Akwai wasu tsare-tsare masu matakai da yawa, kamar na Graham Gibbs na 1988 mai matakai shida, wanda ya ware wa abin da mutum ya ji a ransa mataki na musamman. Amma mai matakai uku ya fi dacewa da ɗalibin da zai tashi daga aiki a gajiye, ga shi zai yi rubutun da harshen da ba nasa ba, domin ko babu takarda a gabansa ba zai manta tambaya uku ba.

Sauƙin tsarin yana iya yaudarar mutum. Tambayoyin gajeru ne, amma kowacce tana da irin amsar da take nema, kuma yawancin ɗalibai suna amsa ta farko sau uku ba tare da sun sani ba. Hanya mafi kyau ta ganin bambancin ita ce a bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe.

Dare ɗaya a ɗakin 'yan tsaki

Mu ƙaddara ɗalibin sashen kiwon dabbobi ne aka tura wata gonar kaji a watan Disamba, hunturu ya kankama. An kawo 'yan tsakin buroila 500 'yan kwana ɗaya, an sa su a ɗakin reno da aka kewaye da tamfol, an shimfiɗa ɓuntun shinkafa a ƙasa, ana ɗumama ɗakin da tukwanen gawayi. An ba ɗalibin aikin duba ma'aunin zafi da rubuta abin da ya nuna. A aji an koya masa cewa a makon farko ana son zafi ya tsaya tsakanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyos, sannan a riƙa rage kusan digiri 3 duk mako.

A dare na uku, da ƙarfe goma sha ɗaya, ya shiga ya duba. Ma'aunin yana rataye a jikin ginshiƙi daidai ƙirjinsa, ya nuna 33. Ya rubuta. Ya lura 'yan tsakin sun taru a gindin tukwane suna ta kuka, amma tunda lamba ta yi daidai da littafi, sai ya ja ƙofa ya tafi ya kwanta. Da asuba aka tarar 11 sun mutu a gefen da ke fuskantar iska, 'yan'uwansu sun danne su. Mai kula da gonar ya sauko da ma'aunin ƙasa kusa da ɓuntu, ya bar shi ɗan lokaci, sai ga shi ya nuna 27. Ya kuma nuna masa inda tamfol ya ɗaga daga ƙasa, iska tana kurɗowa.

A logbuk, wannan dare zai fito kamar haka: "Na duba zafin ɗakin reno. An samu mutuwar 'yan tsaki 11." A rubutun waiwaye kuwa, nan ne aikin yake farawa.

Me ya faru

Kashi na farko labari ne tsagwaronsa, irin wanda shaida zai bayar. Ana son lokaci, wuri, adadi, abin da ido ya gani, abin da hannu ya yi, da abin da ɗalibi yake tunani a daidai lokacin. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali shi ne ƙashin bayan abin da zai biyo baya. Idan ɗalibinmu bai rubuta cewa ya ga 'yan tsakin sun taru amma ya fi yarda da lamba ba, babu abin da zai tona a kashi na biyu.

Ga yadda zai iya rubutawa:

"A dare na uku da kawo 'yan tsaki 500, ni ke da alhakin duba zafin ɗakin reno. Da ƙarfe 11 na dare ma'aunin da ke rataye daidai ƙirjina ya nuna digiri 33. Na ga 'yan tsakin sun cunkushe a gindin tukwanen gawayi suna kuka mai ƙarfi. Na ɗauka yunwa ce ko baƙunta, kuma tunda 33 tana cikin iyakar da aka koya mana, ban yi komai ba, ban kuma tashi kowa ba. Da asuba mun tarar 11 sun mutu a gefen da iska ke bugawa. Mai kula da gona ya auna zafi a ƙasa ya samu 27, ya kuma gano tamfol ya ɗaga a wannan gefen."

A lura da abin da babu a ciki. Babu tarihin gonar, babu bayanin muhimmancin kiwon kaji ga tattalin arziki, babu zargin wanda ya rataye ma'aunin a sama, babu kuma neman afuwa. Abu guda aka ɗauka, dare guda. Ɗalibin da ya ce zai yi waiwaye a kan mako guda cur yakan ƙare da jerin ayyuka irin na logbuk. Wannan kashi bai kamata ya ci fiye da rubu'in rubutun ba.

Ba dole ba ne abin da aka zaɓa ya zama asara ko kuskure. Ranar da aiki ya yi kyau fiye da yadda aka zata ita ma ta cancanci a tona dalilinta. Ma'aunin zaɓi shi ne mamaki: duk inda abin da ɗalibi ya zata ya saɓa da abin da ya auku, akwai darasi a wurin.

Me na koya

Nan ne maki suke, nan ne kuma aka fi faɗuwa. Amsar da ta fi zuwa baki ita ce: "Na koyi cewa zafi yana da muhimmanci ga 'yan tsaki, kuma ya kamata mutum ya riƙa lura da aikinsa." Wannan magana gaskiya ce, amma ɗalibin ya san ta tun kafin ya bar makaranta. Ga gwaji mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya yi wa kansa: idan zan iya rubuta wannan jimla kafin in zo wurin nan, to ba a nan na koye ta ba.

Hanyar kauce wa wannan ita ce a yi wa labarin tambayoyi uku ƙanana. Me ya jawo abin? Me na ɗauka gaskiya ne wanda ya zama ba haka ba? Ina wannan ya haɗu ko ya rabu da abin da aka koya mini a aji?

A kan tambaya ta farko, dalilin a fili yake ga wanda ya tsaya ya yi tunani. Iska mai zafi sama take yi, mai sanyi ta kwanta ƙasa. Ma'aunin da ke daidai ƙirjin mutum yana auna iskar da mutum ke ji, ɗan tsako kuwa yana can ƙasa inda sanyi ke kurɗowa ta ƙarƙashin tamfol. Ga shi a kwanakinsa na farko jikinsa bai iya riƙe zafin kansa ba, sai ya dogara da ɗumin da ke kewaye da shi. Da sanyi ya kama su sai su hau kan juna, na ƙasa su rasa numfashi.

Tambaya ta biyu ta fi wuya domin tana taɓa mutum kansa. Ɗalibin ya ɗauka cewa aikinsa shi ne karanta lamba, kuma lamba ba ta ƙarya. Shaida biyu ya samu a daren, ta ma'auni da ta 'yan tsakin, suka saɓa wa juna, sai ya zaɓi wadda ta yi kama da littafi. Akwai kuma wani abu a ƙasan wannan: ya ji nauyin tashin babba cikin dare a kan abin da bai tabbatar ba. Idan ya rubuta wannan, ya taɓo abin da zai bi shi duk inda ya yi aiki, ko a gona ko a asibitin dabbobi.

A tambaya ta uku ne ake haɗa aji da fili. Littafi bai yi kuskure ba da ya ce 32 zuwa 35, sai dai yana nufin zafin da ke daidai tsayin ɗan tsako, kuma ɗalibin ya haddace lambar ya bar sharaɗinta. Masu kiwo sun daɗe da sanin cewa zaman 'yan tsaki shi ne ma'auni na farko: idan sun cunkushe a gindin wuta, sanyi ne, idan sun guje ta sun manne da bango suna haki, zafi ya yi yawa, idan sun taru a gefe ɗaya, iska na shigowa ta wani wuri, idan sun bazu ko'ina suna ci suna sha, to an dace.

Ga kashi na biyu a rubuce:

"Na gane cewa lambar da na rubuta ba ta zafin da 'yan tsakin ke ciki ba ce, domin iska mai zafi tana tashi sama, su kuma suna ƙasa inda sanyi ke shigowa. Bambancin ya kai digiri 6. A aji na riƙe iyakar 32 zuwa 35 amma ban riƙe cewa a tsayin ɗan tsako ake aunawa ba. Abin da ya fi damuna shi ne na ga alamar sanyi da idona, na ƙyale ta saboda ma'auni ya ce lafiya. Na kuma ji nauyin tashin mai kula da gona. Yanzu na fahimci cewa idan dabba da na'ura suka saɓa, saɓanin kansa alama ce ta cewa akwai matsala, kuma a lokacin ne ya kamata in nemi na gaba da ni. Abin da ban gama ganewa ba shi ne yadda za a toshe iska ba tare da hayaƙin gawayi ya taru a ɗakin ba."

Jimlar ƙarshen nan tana da daraja. Ɗakin da ake ƙona gawayi a cikinsa, idan aka toshe shi ruf, iskar cikinsa takan zama guba ga kaji da mutanen da ke shiga. Ɗalibin da ya hango cewa maganin matsala ɗaya zai iya haifar da wata, ya kuma faɗi inda saninsa ya tsaya, ya nuna tunani fiye da wanda ya rufe komai da cewa ya gane duka. Wannan kashi shi ya kamata ya ci rabin rubutun.

Sai kuma me

Kashi na uku alkawari ne, kuma alkawarin da ba a iya dubawa ba shi da amfani ga mai ba da maki. "Zan ƙara mai da hankali" ba shiri ba ne, domin babu wanda zai iya cewa an cika shi ko ba a cika ba. Ana son a ji me za a yi, yaushe, da wa, da kuma yadda za a gane ko ya yi aiki. Sannan ya zama abin da ke hannun ɗalibi. Shawarar cewa gona ta sayi injin ɗumama mai gas tana iya zama mai kyau, amma ba ɗalibi ne zai yanke ta ba.

"Daga yau zan rataye ma'aunin daidai tsayin 'yan tsaki, a ɗan nesa da tukunya, in kuma auna a wuri biyu, tsakiya da gefen iska. Zan duba da ƙarfe 11 na dare da kuma 4 na asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani. Na ƙara layi a takardar rikodi inda zan rubuta yadda suke zaune kusa da kowace lamba. Na tambayi mai kula da gona, ya ce in tashe shi duk lokacin da na ga sun cunkushe. Gobe zan nemi ya nuna mini yadda ake danne tamfol ta ƙasa a bar mafitar hayaƙi ta sama. Ranar Juma'a zan kwatanta mutuwar sauran kwanakin makon da ta kwana ukun farko in ga ko an samu sauƙi."

Kowace jimla a nan ta fito daga wani abu a kashi na biyu. Saukar da ma'auni ya fito daga gane cewa zafi sama yake yi. Sabon layi a takarda ya fito daga ƙyale alamar da ido ya gani. Izinin tashin babba ya fito daga nauyin da ya ji. Idan aka ga mataki a kashi na uku da ba shi da uwa a kashi na biyu, ko darasi a kashi na biyu da bai haifi mataki ba, to zaren ya tsinke a wani wuri. Ranar Juma'ar da ya ambata kuma ita za ta zama "me ya faru" na rubutu na gaba, ta haka rubuce-rubucen suke ɗinkuwa su nuna tafiyar ɗalibi daga wata zuwa wata.

Yadda mai dubawa ke raba hatsi da ƙaiƙayi

Malamin da ya saba karanta irin wannan rubutu yana gane na gaske tun daga sakin layi na farko. Rubutun da aka zauna aka ƙaga a daren da za a miƙa rahoto ba ya da ƙarfe nawa, ba ya da adadi, ba ya da gefen da iska ke bugawa. Komai a cikinsa sumul yake: an samu matsala, ɗalibi ya gane, an gyara, kowa ya yaba. Na gaske kuwa yana ɗauke da ƙananan abubuwan da sai wanda ya tsaya a wurin zai sani, kuma sau da yawa yana barin wata tambaya a buɗe.

Akwai hanyoyi biyu na tabbatarwa. Ta farko, a ɗora rubutun a kan logbuk: ranar da aka ambata tana ciki, kuma aikin ya dace da abin da mai kula ya sa wa hannu? Ta biyu, a lokacin kare rahoto a yi tambaya ɗaya da ba ta cikin rubutun, kamar: to ranar Juma'ar me ka samu? Wanda ya rayu cikin abin zai amsa nan take, ko da amsar ita ce ba a samu sauƙi ba. Wanda ya kwafa zai koma maganar muhimmancin zafi.

Game da rabon maki, abin da nake ganin ya fi adalci shi ne a bi nauyin kowane kashi. Idan maki 20 ne, a ba labari 5, darasi 10, shiri 5. A labari a duba ko abu guda ne kuma a fayyace yake. A darasi a duba ko an faɗi dalili, an ambaci zaton da ya rushe, an kuma haɗa da karatun aji. A shiri a duba ko matakan suna dubuwa kuma suna hannun ɗalibi. Kyawun Turanci kada ya shiga wannan lissafi sai inda ya hana fahimta, domin akwai ɗalibin da tunaninsa ya yi zurfi amma nahawunsa ya gaza, akwai kuma mai zaƙin alƙalami da bai ce komai ba. Ɗalibin da harshe ke ba shi wuya zai iya fara amsa tambayoyin uku da Hausa a wata takarda ko ya faɗe su da baki ga abokinsa, sannan ya juya su. Tunanin da ya nuna ba ya ɓacewa wajen juyawa.

Tsoro, kunya da amana

Akwai matsala a gindin wannan tsari da bai kamata a ɓoye ta ba. Ana cewa ɗalibi ya faɗi gaskiya game da kuskurensa, kuma wanda zai karanta shi ne mai riƙe da makinsa. Ɗalibin da yake jin cewa ambaton mutuwar 'yan tsaki 11 zai jawo masa faɗuwa ba zai ambata ba, zai nemo wani ƙaramin abu marar haɗari ya yi masa ado. Maganin wannan yana hannun makaranta. Dole a faɗa wa ɗalibai tun kafin su tafi, a rubuce, cewa a wannan rubutu tunani ake aunawa, ƙwazon aiki kuwa yana da nasa fom da mai kula ke cikewa. Idan aka haɗa biyun a ma'auni ɗaya, an koya wa ɗalibi ɓoye kuskure, kuma wannan ɗabi'a ce mai tsada ga wanda gobe zai riƙe asibiti ko ginin bene.

Sai batun na gaba. A tarbiyyarmu yaro ba ya buɗe baki ya ce babba ya yi kuskure, kuma sau da yawa abin da ya koya wa ɗalibi darasi kuskuren wani ne. A misalinmu ba ɗalibin ne ya rataye ma'aunin a sama ba. Ba a buƙatar ya zargi kowa, ba a kuma buƙatar ya ɗora wa kansa laifin da ba nasa ba. Zai ce "ma'aunin yana rataye daidai ƙirjina", ya wuce zuwa ga abin da shi ya gani ya kuma yanke. Rubutun a kan marubucinsa yake, ba rahoton binciken ma'aikata ba ne. Amma idan abin da ya gani ya shafi lafiyar mutane ko cutar da wani, wannan ba na ajiyewa har ƙarshen zango ba ne, sai ya kai wa malamin da ke kula da shi nan take.

Amana kuma tana da iyakokinta a fili. Ɗalibar jinya ba za ta rubuta sunan majiyyaci ko lambar katinsa ko wata alama da za a gane shi da ita ba. Mai koyarwar gwaji ba zai ambaci sunan yaron da ya kasa karatu ba. Wanda ke banki ko kamfani ba zai saka bayanan abokan ciniki ba. "Wata mata mai matsakaicin shekaru" ko "wani yaro a aji huɗu" ya wadatar, darasin ba ya raguwa.

Lokacin rubutawa da lokacin karantawa

Ƙananan bayanai su ne ran wannan rubutu, kuma su ne farkon gudu daga ƙwaƙwalwa. Saboda haka a ranar da abu ya faru ɗalibi ya rubuta layi uku ko huɗu a ƙaramin littafi ko a wayarsa: lokaci, adadi, abin da ya zata. A ƙarshen mako, bayan rai ya kwanta, ya zaɓi ɗaya ya faɗaɗa shi zuwa kalmomi 300 ko 400. Wanda ya rubuta cikin zafin abin yakan cika da kare kai ko zargin kai, wanda ya bari sai bayan wata uku kuwa ya manta abin da ya zata, sai ya rubuta kamar tun farko ya san amsar. Guda ɗaya duk mako biyu ya isa. A wata shida za a samu kamar goma sha biyu, daga ciki ɗalibi ya zaɓi uku ko huɗu ya sa a rahotonsa na ƙarshe, har da na farkon zuwansa, domin a ga tazarar da ya yi.

Nauyin ƙarshe yana kan masu dubawa. Idan babu wanda ya karanta rubutun sai bayan ɗalibi ya dawo, kashi na uku ya zama alkawarin da aka yi wa takarda. Malamin da ya je ziyarar duba ɗalibi, ko mai kula da shi a wurin aiki, idan ya karanta rubutu ɗaya a cikin watan farko ya mayar da tambaya ɗaya tak, ya yi rabin aikin. Ga ɗalibinmu tambayar za ta iya zama: ka ce za ka auna a wuri biyu, to idan suka saɓa wa juna, da wanne za ka yi aiki? Zai koma ɗakin reno da wannan tambaya a kansa tun 'yan tsakin suna nan, kuma amsar da zai samo ita ce abin da aka tura shi nema.